Yadda Ake Rubuta Bayanin Kyandir Mai Ƙamshin Itace da Hayaƙi Don Shagon Intanet

Sayen kyandir mai ƙamshi a intanet cinikin biri a sama ne. Mai saye yana ganin hoton kwalba, yana ganin launin kaki, amma ainihin abin da zai biya kuɗi dominsa, wato ƙamshin, waya ba ta kai masa shi. Rubutun da ke ƙarƙashin hoton shi ne hancinsa. Kuma a cikin duk ƙamshin da ake sa wa kyandir, babu mai wuyar bayani kamar na itace da hayaƙi, saboda kalma ɗaya tak: hayaƙi. Kai da ka haɗa kyandir ɗin kana nufin wani ɗumi mai daɗi da ke biyo bayan ƙamshin itace. Shi kuwa mai karatu, da ya ga kyandir da hayaƙi a jimla ɗaya, abin da zai faɗo masa a rai shi ne baƙin bango, da tari, da ƙaurin da ke kama labule. Aikin wannan rubutu gaba ɗaya shi ne ka raba masa waɗannan biyun tun kafin ya gama layi na biyu.

Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Kyandir ne na kakin waken suya, nauyin kakin giram 200, a cikin kwalbar gilashi mai ruwan ƙasa wadda faɗin bakinta santimita 7.5 ne. Lagwaninsa na auduga ne guda ɗaya. Man ƙamshin kashi 8 cikin 100 ne na nauyin, an haɗa shi daga itacen al'ul, wanda masu haɗa turare ke kira sida, da saiwar jema, da ɗan ɗigon kwaltar ɓawon bac, wata bishiya ta ƙasashen sanyi. Guda 24 ake zubawa a zubi ɗaya.

Mataki na farko: kunna shi kafin ka rubuta komai

Mutane da yawa suna rubuta bayanin ne daga takardar da mai sayar da man ƙamshi ya ba su. Wannan kuskure ne, domin ƙamshin mai a cikin kwalbarsa daban yake da ƙamshinsa bayan ya shiga kaki. Kakin suya yana buƙatar ya kwanta mako ɗaya zuwa biyu bayan zubi kafin ƙamshinsa ya zauna. Saboda haka ka ɗauki kyandir ɗin da ya cika kwana 14, ka samu takarda da biro, ka shinshina shi sau uku.

Na farko a sanyi, da zarar ka cire murfi. Na biyu bayan ya yi kamar minti 30 yana ci, lokacin da saman kakin ya fara zama ruwa. Na uku bayan awa biyu, kuma wannan karon ka fita daga ɗakin na ɗan lokaci ka sake shigowa, domin hancin da ya daɗe cikin ƙamshi ya daina jin sa. A kowane karo ka rubuta abu na farko da ya zo maka, ko da ba shi da daɗin faɗa.

A namu misalin, abin da takardar ta nuna shi ne: a sanyi, ƙamshin fiƙar fensir, busasshe kuma mara ƙarfi. Bayan minti 30, ƙasa-ƙasa da saiwa, wannan jemar ce ta tashi. Bayan awa biyu, hayaƙi siriri da wani abu kamar tsohuwar jakar fata, wannan kuma aikin kwaltar bac ne. Ba haka kawai abin ya zo a jere ba. Man itace da na saiwa masu nauyi ne, ba sa saurin tashi sama kamar na ɓawon lemu ko na furanni, sai zafi ya taɓa su. Shi ya sa irin wannan kyandir yakan yi shiru a sanyi, ya yi magana idan an kunna shi. Wannan bayani ne da dole ya shiga rubutunka. In ba ka faɗa ba, mai saye zai buɗe murfi, ya ji ɗan ƙamshin fensir, ya yanke hukuncin an cuce shi tun bai nemi ashana ba.

Mataki na biyu: wane hayaƙi kake nufi?

A nan zan daɗe, don nan ne rubutun ke yin kyau ko ya lalace.

Hayaƙi ba iri ɗaya ba ne. Akwai na ɗanyen itace mai sa hawaye. Akwai na busasshen ganye mai kaifi. Akwai ƙaurin wutar da aka kashe da ruwa, mai ɗaci, mai warin jiƙaƙƙiyar toka. Akwai kuma na garwashin da harshen wutarsa ya riga ya mutu, wanda ba ya ko tashi sosai, sai dai ka ji shi a jikin rigarka washegari. Duk wanda ya taɓa zama kusa da wuta ya san bambancin waɗannan, kuma hancinsa zai tuna idan ka kira ɗaya da sunansa. Idan ka rubuta "mai ƙamshin hayaƙi" ka tsaya, ka bar shi ya zaɓa da kansa, kuma yawanci mafi muni yake zaɓa.

Abin da ka zuba a cikin kakin shi zai gaya maka wanne ne naka. Kwaltar bac, wadda ake samu ta hanyar gasa ɓawon bishiyar a rufe ba tare da iska ba, tana da ƙarfi ƙwarai, tana karkata wajen fata da kwalta, shi ya sa kaɗan ake sawa. Man kad, daga wani irin itacen junifa na ƙasashen bakin Bahar Rum, ya fi kusa da ƙaurin wutar itace kai tsaye. Itacen gayak na Kudancin Amurka hayaƙinsa mai laushi ne da ɗan zaƙi. Jema ma ta bambanta: ta tsibirin Java ta fi ta Haiti hayaƙi, ta Haiti ta fi tsabta da kore-kore. Ba sai ka koya wa mai saye duk wannan ba, amma kai sai ka san shi, don kada ka yi alkawarin wutar sansani alhali abin da ke kwalbar tsohuwar fata ce.

Kwatanta waɗannan jimloli biyu. Ta farko: "Kyandir mai ƙamshi na musamman, mai ratsa zuciya, haɗin itace da hayaƙi mai sanya nutsuwa." Ta biyu: "Ƙamshin itacen al'ul da aka fere yanzu, da ɗan hayaƙin garwashin da ya kusa mutuwa a bayansa." Ta farkon za ka iya liƙa ta a jikin kowane kyandir a duniya, har da sabulu. Ta biyun ta faɗi abu uku da hanci zai iya riƙewa: wane itace, wane hayaƙi, kuma wanne ne a gaba. Wannan kalma "a bayansa" tana da aiki babba. Tana gaya wa mai tsoron hayaƙi cewa itacen ne babba, hayaƙin ɗan rakiya ne.

Ni ra'ayina, hoto ɗaya ya isa. Akwai masu rubutu da ke jera daji, da dutse, da ɗakin karatu, da daren hunturu, da kujerar fata, duk a sakin layi ɗaya, har mai karatu ya rasa inda aka ajiye shi. Zaɓi wuri ɗaya da kowa ya sani, shagon kafinta ko wutar da aka bari ta kwana, ka tsaya a can.

Sai kuma jimlar da ba a tsallake ta: ka faɗa ƙarara cewa hayaƙin a ƙamshi yake, ba a wutar ba. Amma ka kula da yadda za ka faɗa. Kada ka rubuta "ba ya hayaƙi sam", domin ba gaskiya ba ne. Duk kyandir, na suya ne ko na kakin zuma ko na farafin, zai yi baƙi idan lagwaninsa ya yi tsawo ko iska tana kaɗa harshen wutar. Abin da za ka iya tsayawa a kansa shi ne: "Hayaƙin yana cikin ƙamshin ne. Idan an datse lagwani, wutar tana ci tsaf ba tare da baƙi ba." Ka kwantar masa da hankali, ka kuma ɗora masa nasa aikin.

Mataki na uku: lissafin awannin ci

Mai sayen kyandir yana duba adadin awanni kamar yadda mai sayen waya ke duba batir, kuma nan ne ƙananan masu sana'a suka fi zura ƙarya ba da niyya ba. Ga yadda ake fitar da shi.

Auna kyandir ɗin da kwalbarsa a ma'aunin da ke nuna giram. A ce ya ba da 450. Kunna shi awa huɗu, ka kashe, ka bari ya huce, ka sake aunawa. A ce yanzu 432. Ya ci giram 18 a awa huɗu, wato giram 4.5 a awa. Mai gaggawa zai raba 200 da 4.5 ya samu 44, ya rubuta "awa 45" don adadin ya yi kyan gani.

Abin da ya manta shi ne ba a ƙona kyandir ɗin kwalba har ƙasa. Ana daina kunna shi idan kakin ya rage kamar santimita 1, domin in wuta ta kai gindi gilashin yana iya yin zafin da zai tsage. A kwalba mai faɗin santimita 7.5, wannan ragowar ta kai kimanin giram 40. Kenan abin da zai ci da gaske giram 160 ne, in ka raba da 4.5 ka samu awa 35 da ɗoriya. Abin da za ka rubuta shi ne "kimanin awa 35". Bambancin awa goma ke nan tsakanin lissafin gaggawa da na gaskiya, kuma akwai masu saye da ke ƙirgawa.

Gwaji ɗaya ma bai isa ba, domin wuta takan ƙara ci idan ta nutsa cikin kwalba zafi ya taru. In da hali, ka ƙona guda biyu ko uku har ƙarshe, awa huɗu-huɗu, ka ɗauki adadi mafi ƙanƙanta. Haka kuma nauyin da za ka rubuta a shafi na kakin ne, giram 200, ba 450 da ya haɗa da kwalba ba.

Mataki na huɗu: me "kaɗan-kaɗan ake yi" ke nufi a wurinka?

Kowa yanzu yana rubuta cewa da hannu ya yi kuma kaɗan-kaɗan yake yi, har kalmomin sun lashe. Abin da ke dawo musu da nauyi shi ne adadi. "Guda 24 a kowane zubi, kuma kowanne yana kwana 14 kafin ya fita" magana ce da mutum zai iya gani a ransa. Tana kuma yi maka wani aikin: ranar da kayan suka ƙare, mai saye ya riga ya san dalilin da zai sa ya jira mako biyu.

Ƙaramin zubi yana zuwa da bambance-bambance, kuma gara ka faɗa da bakinka. Kakin suya yakan fitar da wani fari-fari kamar raɓa a samansa ko a jikin gilashi, kuma bayan an kashe wuta samansa kan daskare da ƙuraje. Ba lalacewa ba ce, halin kakin ne, ba ta taɓa ƙamshi ko ci. Man itace masu duhu kuma sukan sa launin wani zubin ya ɗan fi na wani rawaya. Na taɓa samun saƙon wata mai saye da ta ɗauki hoton wannan fari-farin tana cewa kyandir ɗin ya yi fumfuna. Laifina ne, ban rubuta ba. Jimla ɗaya da na ƙara a shafin ta kashe wannan tambaya.

Mataki na biyar: kalmomin da za ka goge

Idan man da ka yi amfani da shi haɗin kamfani ne, kada ka rubuta "zalla daga tsirrai". Yawancin man ƙamshin kyandir haɗi ne na abin da aka tatso daga tsiro da wanda aka sarrafa, kuma babu abin kunya a ciki. Haka nan in kakinka gauraye ne da farafin, ka ce gauraye ne. Sunan itace mai tsada ma a yi hattara da shi. Sandal da udu na asali suna da tsadar da ƙaramin kyandir ba zai ɗauka ba, don haka in kwaikwayonsu ne a cikin haɗinka, "ƙamshin sandal" za ka rubuta, ba "man sandal" ba. Kada kuma ka shiga gonar likitoci: maganin rashin barci, maganin damuwa, mai tsarkake iska, duk ka cire su.

Dokar lakabi ta danganta da ƙasar da kake kai kaya. A Tarayyar Turai da Birtaniya, kyandir mai ƙamshi yana ƙarƙashin dokar CLP, wadda kan buƙaci a ambaci sinadaran ƙamshi masu iya tayar da ƙaiƙayin fata idan sun kai wani mizani, kuma ana son mai saye ta intanet ya ga wannan gargaɗi kafin ya biya. A Amurka ma'aunin ASTM F2058 ne ke tsara gargaɗin wuta a jikin kyandir. Ka nemi takardar bayanin aminci da shaidar IFRA, wato ƙungiyar masu harkar ƙamshi ta duniya, daga wurin mai sayar maka da man, daga ciki za ka kwafi sunayen sinadaran daidai yadda suke.

Mataki na shida: jera shi

Yawancin masu saye a waya suke, kuma shafuka da yawa suna nuna layi biyu ko uku ne kawai kafin a danna don ganin sauran. Don haka ƙamshi ne a sama, labarinka a ƙasa. Take kuma ya ɗauki kalmomin da mutum zai buga a wurin nema: kyandir, kakin suya, itace, hayaƙi, nauyi. Suna mai daɗi shi kaɗai ba wanda zai neme shi, tunda ba a san shi ba tukuna. Shafin kasuwar intanet na Etsy, alal misali, haruffa 140 yake ba take, amma na farkon su ne ake gani, su za ka ba muhimmanci. Ga yadda namu ya fito:

"Garwashin Al'ul: kyandir ɗin kakin suya mai ƙamshin itace da hayaƙi, giram 200

Ƙamshin itacen al'ul da aka fere yanzu, da ɗan hayaƙin garwashin da ya kusa mutuwa a bayansa. Busasshen ƙamshi ne, babu zaƙi, babu fure.

Idan ka buɗe murfi, itacen kawai za ka fara ji, a hankali, kamar fiƙar fensir. Ba shi rabin awa yana ci, saiwar jema za ta taso da ƙamshin ƙasa. Hayaƙin shi ne na ƙarshen zuwa, siriri, da ɗan ƙamshin tsohuwar fata. A cikin ƙamshin yake, ba a wutar ba: idan an datse lagwani, kyandir ɗin yana ci tsaf ba tare da baƙi ba.

Ya dace da ɗakin kwana ko ƙaramin ofis. A babban falo mai buɗaɗɗun ƙofofi zai yi rauni. In ƙamshi mai zaƙi ko na furanni kake so, wannan ba naka ba ne.

Guda 24 muke zubawa a lokaci ɗaya, kowanne yana kwana 14 kafin mu aika. Kana iya ganin fari-fari a saman kakin ko ɗan bambancin launi tsakanin zubi da zubi. Halin kakin suya ne, ba ya canza ƙamshi.

Kakin suya giram 200, lagwanin auduga ɗaya, kwalbar gilashi mai ruwan ƙasa da murfi, faɗi santimita 7.5, tsayi santimita 8. Yana ci kimanin awa 35. Ƙamshin haɗi ne na man tsirrai da man da aka sarrafa.

Kunnawar farko a bar shi kamar awa uku, har kakin ya narke zuwa bakin kwalba. A datse lagwani zuwa milimita 5 kafin kowace kunnawa. Kada ya wuce awa huɗu a jere, kuma a daina kunna shi idan kaki ya rage santimita 1. Kada a bar shi yana ci babu kowa, a nisanta shi da yara, dabbobi, labule da wurin da iska ke kaɗawa."

A ƙarƙashin wannan ne sunayen sinadaran da doka ta buƙata za su zo.

Sakin layi na uku shi ne wanda masu sana'a suka fi jin tsoron rubutawa, wai don me za ka kori mai saye da hannunka. Amma ƙamshin hayaƙi yana raba mutane gida biyu, masu sonsa da waɗanda ko kusa ba sa so. Wanda ka kora da jimla ɗaya, da ya saya da ya dawo maka da kayan, ko ya bar maka tauraro biyu a shafi. Wanda kuma ya gaji da kyandirori masu zaƙi, "babu zaƙi, babu fure" ita ce kalmar da ya daɗe yana nema.

Awa ukun nan na kunnawar farko ma ba daga sama ta faɗo ba. Ƙa'idar da masu kyandir ke bi ita ce kamar awa ɗaya ga kowane santimita 2.5 na faɗin kwalba, kenan 7.5 ya ba da uku. In aka kashe da wuri, kakin zai narke a tsakiya kawai, kowace kunnawa ta bi wannan zoben, kyandir ya yi rami, kakin gefe ya tafi a banza. A irin namu kyandir asarar ta fi haka, domin ƙaramin narkakken kaki ba ya fitar da man masu nauyi, sai mai saye ya ce hayaƙin da ka yi alkawari bai taɓa zuwa ba.

Mataki na bakwai: gwada shi a hancin wani

Samu mutum biyu ko uku da ba su taɓa jin kyandir ɗin ba. Ba su rubutun kawai, ka ce su gaya maka abin da suke tsammanin ji, ka rubuta amsarsu. Sannan ka kunna musu, ku jira rabin awa. Idan wani ya ce "na ɗauka zai fi haka ƙauri", to ka cika wa hayaƙin gishiri, sai ka ƙara tura shi baya a jimlar farko ko ka sa "ɗan" a gabansa. Idan ya ce "ashe har da zaƙi-zaƙi", to akwai abin da hancinka ya saba da shi har ka daina ji, sai ka cire "babu zaƙi" ka faɗi abin da ke nan. Idan kuwa ya kasa faɗin komai daga rubutun sai "zai yi daɗi dai", ka koma mataki na biyu, kalmomin yabo ne suka yi yawa, sunayen abubuwa suka yi kaɗan.

Wannan gwaji ba sau ɗaya ake yin sa ba. Ranar da ka canza mai sayar maka da jema, ko ka koma lagwanin katako, ko ka ƙara faɗin kwalba, kyandir ɗin ya zama wani, ko da sunansa na nan. Lagwanin katako yana ƙara 'yar ƙarar nan ta ƙas-ƙas da ta cancanci jimla a bayanin, yana kuma canza yawan kakin da ake ci a awa, don haka sai an sake aunawa. Ka rubuta lambar zubi a gindin kowace kwalba, ka kuma ajiye takardar shinshinawar kowane zubi da lissafin awanninsa a wuri ɗaya, yadda in wani ya ce na wannan karon bai kai na da hayaƙi ba, za ka buɗe ka ga ko mai ne ya canza, ko kwanakin kwanciyar ne ba su cika ba.